Jan waken da bai dahu ba: yadda abincin rana ɗaya ya ɓata cikin mutum 200 a wani barikin soja a Faransa

Wurin da abincin

Barikin yana yankin Bretagne, a arewa maso yammacin Faransa, kuma mutum 1,700 ne ke wurin a farkon watan Yulin 2018. Yana da ɗakin cin abinci na jama'a, irin wanda ake girki da manyan tukwane, a zuba wa ɗaruruwan mutane cikin awa ɗaya ko biyu. Cikin abin da aka ci da rana a ranar da ake magana akwai cili kon karne, wato niƙaƙƙen naman sa da ake dafawa da tumatir da albasa da barkono da jan wake, ya yi kauri kamar fate.

Wannan jan waken ba irin wakenmu na ƙosai da alala ba ne. Namu ɗan Afirka ne, masana na kiran sa Vigna unguiculata. Wancan kuwa asalinsa nahiyar Amurka, sunansa Phaseolus vulgaris. Ya fi namu girma da tsawo, fatarsa ja ce mai duhu da sheƙi, siffarsa kamar ƙoda. Wanda ya zauna a Kamaru ya san shi sarai, don a can abincin yau da kullum ne, ana haɗa shi da fanke da koko da safe. A manyan kantunan birane kuma ana samun sa iri biyu: busasshe a leda, da dafaffe a gwangwani. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun zai dawo a gaba. Abin da aka sa a tukunyar barikin ɗanyen wake ne, ba na gwangwani ba.

Alhamis, 5 ga Yuli 2018: bayan abincin rana

An ci abinci, kowa ya koma bakin aikinsa. Kafin yamma ta yi ciki ya fara juya wa mutane. Yawancin abin da suka yi kuka da shi na ƙasan ciki ne, wato murɗa da gudawa. Da aka zo lissafi daga baya, an ga rabin waɗanda abin ya kama sun fara jin sa ne cikin awa 3.3 da cin abincin, wato awa uku da kusan minti 20, sauran rabin kuma bayan haka. Jimillar waɗanda aka ƙidaya mutum 200 ne, kashi 12 cikin ɗari na mutanen barikin.

Juma'a, 6 ga Yuli: rahoto, da abin da agogo ya nuna

Washegari aka sanar da cibiyar da ke bin diddigin annoba da lafiyar jama'a ta rundunar sojan Faransa. Abu na farko da mai irin wannan bincike ke dubawa shi ne agogo, domin kowace cuta ta abinci tana da lokacin da take ɗauka kafin ta bayyana. Ƙwayar salmonela sai ta shiga hanji ta hayayyafa tukuna, shi ya sa yawanci sai bayan awa 12 zuwa 36 ake jin ta. Norobairos, mai yaɗuwa a bariki da makarantun kwana, yana ɗaukar awa 12 zuwa 48. Akwai kuma kulostiridiyom, ƙwayar da ta fi shahara a miyar nama da aka dafa da yawa aka bari ta huce a hankali. Ita ce duk wanda ya ji an ce babbar tukunyar nama da gudawa zai fara kawowa a ransa, amma ita ma yawanci sai awa 8 zuwa 16.

Awa uku ta yi wa waɗannan duka sauri. Irin wannan saurin yana nuna cewa dafin yana cikin abincin tun kafin a kai loma baki, ba a cikin jiki aka ƙera shi ba. Sanannun dafin da ke aiki cikin awa ɗaya zuwa shida, irin wanda wasu ƙwayoyin cuta ke bari a abincin da ya daɗe a ajiye, amai ne babbar alamarsu. A nan kuwa gudawa ce ta fi yawa. Agogo dai ya rage waɗanda ake zargi, amma bai kama kowa ba. Ga kuma wata matsalar: gwaje-gwajen da aka saba yi idan abinci ya cutar da jama'a ƙwayoyin cuta da dafinsu suke nema. Dafin da tsiro ke ɗauke da shi tun daga gona ba ya cikin abin da ake dubawa kullum, kuma abin da ba a nema ba, ba a ganin sa.

Tambayar wa ya ci me

Daga nan sai aka koma kan mutane. An tambayi mutum 92 daga cikin waɗanda suka yi rashin lafiya, da mutum 113 da ba abin da ya same su, abin da kowa ya ci. Hikimar haɗawa da masu lafiya ita ce, in da marasa lafiya kaɗai aka tambaya, kusan dukansu za su ce sun ci burodi sun sha ruwa, sai a ɗora wa burodi laifin da ba nasa ba. Abincin da ake nema shi ne wanda marasa lafiya suka ci da yawa, masu lafiya kuma ba su cika ci ba. Da aka yi wannan kwatancen, lissafi ya tsaya a kan cili kon karne na ranar Alhamis.

Wannan ya nuna kwanon, bai nuna abin da ke cikin kwanon ba. Akwai nama, akwai tumatir, akwai kayan yaji, akwai wake.

A ɗakin gwaji

A Faransa doka ta wajabta wa masu girkin jama'a su riƙa ɗibar kaɗan daga kowane abincin da suka raba su ajiye a firji na kwana biyar, saboda rana irin wannan. An gwada abincin da aka ci, an kuma gwada ɗanyen waken da aka yi shi da shi, ana neman wani sinadari mai dogon suna, faitohimagulutinin, wanda ake taƙaitawa da PHA. Sunan da kansa bayani ne: abin tsiro mai dunƙule jini. Yana cikin dangin furotin da ake kira lektin, masu manne wa sukarin da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta.

Da wannan halin nasa ake kama shi. Ana niƙa waken ko abincin, a jiƙa a ruwan gishiri, a tace. Sai a ɗauko wani faranti na roba mai ƙananan ramuka jere, a zuba ruwan a ramin farko yadda yake, a na biyu a sirka shi rabi da rabi, a na uku a ƙara sirkawa, haka har ƙarshen layi. Kowane rami sai a ɗiga masa jajayen ƙwayoyin jini, a bar shi ya kwanta. Inda babu lektin, ƙwayoyin jinin sukan gangara tsakiyar ramin su taru su zama ɗigo ɗaya ja, kamar kan allura. Inda yake kuwa, sai ya kama wannan ƙwaya ya kama waccan ya haɗa su, su shimfiɗu a ƙasan ramin kamar tabarma. Gwargwadon nisan da aka yi ana sirkawa tabarmar ba ta ɓace ba, gwargwadon ƙarfin dafin ke nan, kuma ma'aunin da ake rubuta shi da shi ana ce masa HAU.

Ɗanyen waken barikin ya ba da HAU 66,667 a kowane giram. Wannan ba wani wake ne na daban mai mugun hali ba, domin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ɗanyen jan wake yakan kasance tsakanin 20,000 da 70,000, wanda ya dahu sosai kuma tsakanin 200 da 400. Na barikin dai yana can kusa da ƙololuwar abin da aka saba gani. Shi kuma dafaffen abincin, an same shi ya haura 400 a giram, iyakar da ake ɗauka cewa daga nan cuta na iya farawa. Ƙarshen binciken, wanda aka wallafa a 2023, shi ne waken bai dahu ba, zafi bai gama lalata dafin ba.

Lissafin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Daga 66,667 zuwa 400 ragi ne na kusan ninki 167. Wato sai an kashe fiye da kashi 99 cikin ɗari na dafin kafin waken ya ciwu lafiya. A ce wuta ta cinye kashi 90, wanda a kunne kamar an gama aiki ne, saura 6,667, fiye da ninki 16 na iyakar. Ko an cire abin da ruwa da nama da tumatir za su sirka, da sauran tafiya. Shi ya sa a jan wake, “ya kusa dahuwa” ba ta da wani amfani.

Abin da dafin ke yi a ciki

Yawancin furotin da muke ci, tsamin ciki da sinadaran narkar da abinci sukan farfasa shi kafin ya yi nisa. PHA yana da taurin kai, yakan wuce tumbi ya isa ƙaramin hanji da ƙarfinsa. Bangon hanjin nan lulluɓe yake da ƙananan tsiro-tsiro masu tsotse abinci da ruwa, kuma samansu cike yake da irin sukarin da lektin ke nema. Sai ya manne musu, ya ɓata aikinsu, hanji ya fusata ya shiga korar abin da ke cikinsa ta sama da ta ƙasa. Dunƙule jinin da ake gani a farantin gwaji ba shi ne ke sa mutum amai ba. Abin a bangon hanji yake faruwa.

Ba ya bukatar yawa. Ƙwaya huɗu ko biyar na ɗanyen waken da aka jiƙa sun isa. Yadda aka fi sanin ciwon shi ne tashin zuciya da amai mai ƙarfi cikin awa ɗaya zuwa uku, gudawa ta biyo baya, sannan ya lafa da kansa, sau da yawa cikin awa uku zuwa huɗu da farawa. Haka ta faru a wani asibiti a Birtaniya a 1988, ranar da ɗakin cin abincin ma'aikata ya ware don ƙarfafa cin abinci mai gina jiki. An raba kwano 31 na wani abinci mai jan wake. Ƙarfe uku na rana wani likitan tiyata ya yi amai a ɗakin tiyata, cikin awa huɗu da suka biyo wasu mutum goma suka bi sahu, washegari kowa ya warware. Ba a sami ƙwayar cuta a abincin ba, sai PHA mai yawa a waken. Lamarin barikin ya ɗan kauce wa wannan tsari, tunda ƙasan ciki ya fi taɓawa, wanda ke nuna ba a yanke hukunci da alamu kaɗai.

Babu wani maganin da ke karya dafin. Abin yi shi ne mayar da ruwan da jiki ya zubar, da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da aiki a nan, tunda ba ƙwayar da zai kashe. Ƙaramin yaro, da tsoho, da wanda aman ya ƙi tsayawa har ba ya riƙe ruwa, su ne ake kai wa asibiti don ƙarin ruwa.

Hanyoyin da wake ke shan wuta bai dahu ba

Lektin furotin ne, kuma ƙarfinsa a siffarsa yake. Zafi mai yawa tare da ruwa yakan warware siffar nan yadda ba za ta koma ba, kamar farin ƙwai da ya daskare a tukunya. Sharuɗɗan biyu ne, zafin tafasa da ruwan da ya ratsa har cikin ƙwayar, kuma duk hanyar da ta gaza, ɗaya daga cikinsu ta rasa.

Wadda ta fi yaudarar masu girki ita ce doguwar dahuwa a wuta kaɗan. Hankali yana ba mutum cewa awa takwas a ɗumi ta fi minti talatin a tafasa, amma ga PHA ba haka ba ne. An auna abincin da aka dafa a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, aka ga sau da yawa cikinsa ba ya wuce digiri 75. A wannan zafin nama zai yi laushi, ƙwayoyin cuta za su mutu, ma'aunin zafin mai duba tsafta zai nuna komai daidai, amma dafin waken yana nan. Har ma wani gwaji da aka yi a Birtaniya a farkon shekarun 1980 ya ruwaito cewa waken da aka ɗumama a digiri 80 ya fi ɗanye ƙarfin dafi. Babbar tukunyar jama'a tana da irin wannan haɗarin ko a kan wuta take: gefe da ƙasa na tafarfasa, tsakiya bai kai ba, musamman in abin ya yi kauri ba ya juyawa.

Akwai kuma tumatir. Tsami yana hana wake laushi, kowace mai girki ta san wannan. In aka zuba ɗanyen wake kai tsaye cikin miyar tumatir mai kauri, ga tsami, ga ƙarancin ruwa, ga mai girki yana rage wuta don kada ƙasan ya kama, to an haɗa masa duk abin da zai sa ya fito garas-garas.

Busasshen zafi shi ma ba ya yi. A watan Mayun 2006 wani gidan talabijin a Japan ya nuna wata dabarar rage ƙiba: a soya farin wake na wannan dangin a busasshen kasko na kusan minti uku, a niƙa, a barbaɗa a shinkafa. Jama'a da yawa suka gwada, amai da gudawa suka kai wasunsu asibiti. Farin yana da kusan kashi ɗaya cikin uku na dafin jan, amma sulusin dubu sittin ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ne ma ya sa bai kamata a ɗauki dabarun wakenmu a kai wa wancan ba. Namu dafinsa kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta, shi ya sa ake surfa shi a markaɗa a saki ƙosai a mai, cikin mintoci kaɗan a kwashe. Jan wake ba na wannan hanyar ba ne.

Dahuwar da ke kashe dafin

A tsince waken, a wanke, a jiƙa shi cikin ruwa mai yawa, kamar kofi uku na ruwa ga kofi ɗaya na wake, domin zai sha ya kumbura ya kusa ninka girmansa. FDA ta ce aƙalla awa biyar. A Birtaniya shawarar awa 12 ce, wato a jiƙa da dare a dafa da safe. In ana zafi sosai gara a sa shi a firji ko wuri mai sanyi don kada ya yi tsami. Hanyar gane ya jiƙu ita ce a fasa ƙwaya ɗaya da farce: in tsakiyarta na da busasshen fari mai tauri, da saura. Kada a ɗanɗana. Waken da aka jiƙa shi ne ya fi jan hankali a jefa baki ko a zuba a salak, alhali dafinsa na nan daram. Jiƙo ba ya kashe dafi, hanya yake buɗe wa zafi.

Daga nan a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a zuba sabon ruwa ya sha kan waken sosai, a ɗora a wuta mai ƙarfi. Ana fara ƙirga lokaci ne daga sa'ad da tukunyar ta tafasa duka, tana ɓararraka, wake na hawa yana sauka, ba daga sa'ad da aka ga ƙananan kumfa a gefe ba. Minti goma a digiri 100 sun isa su lalata dafin waken da ya jiƙu sosai, kuma shi ne ƙa'idar Birtaniya: tafasa mai ƙarfi ta minti goma, sannan a rage wuta ya ci gaba da dahuwa minti 45 zuwa awa ɗaya har ya yi laushi. FDA kuwa minti 30 ta ce a tafasa, don a tabbata tsakiyar kowace ƙwaya ta kai wannan zafin. Ga tukunya babba, na fi karkata ga minti 30 ɗin, tare da juyawa daga ƙasa.

Sai waken ya gama wannan shi kaɗai a ruwa, sannan a tsane shi a haɗa da tumatir da nama, ko a juye shi a tukunyar lantarki ya kwana in ana so. Wanda ya dahu yakan murƙushe tsakanin yatsu biyu ba gardama, cikinsa launi ɗaya har tsakiya. A gwada ƙwayoyi da dama daga wurare daban-daban na tukunyar, ba ɗaya daga sama ba. Kanwa tana gaggauta laushi, amma ba ta maye gurbin mintocin tafasar. Tukunya mai tsare tururi ta fi kowace tabbas, don zafinta yana haura digiri 100. Na gwangwani kuwa an riga an dafa shi a masana'anta da zafin da ya wuce na tafasa, ana iya buɗewa a ɗauraye a ci.

Hukunci

A ganina waken barikin ba shi da laifin da sauran jan wake ba su da shi, kuma abin da aka gano ba ƙazanta ba ce, ba ruɓa ba. Tsarin tsaftar manyan ɗakunan girki an gina shi ne don yaƙar ƙwayoyin cuta, kuma zafin da ake nema a nan, digiri 70 da ɗoriya, ya ishe su. Jan wake yana bukatar 100, cikin ruwa, na mintocin da aka ƙirga. Ana iya cika duk ƙa'idojin farko a faɗi a wannan, ba tare da wari ko launi ya nuna komai ba. Alamar da za a iya samu ita ce taurin waken a haƙori, ita ma sai an riga an ci.

A ɓangaren bincike, agogo ya nuna dafi ne, tambayar mutum 205 ta nuna kwanon, amma babu ɗayansu da zai iya faɗin sunan abin in da ba a yi tunanin gwada waken da jini ba. Su kansu masu binciken sun rubuta cewa irin wannan guba ba ta da cikakken tarihi a rubuce, suka nemi a samar da hanyoyin gwada dafin tsiro a abinci a matsayin aikin yau da kullum. Ina ganin suna da gaskiya, domin mutum 200 a bariki ɗaya ba sa ɓoyuwa, amma iyali mai mutum biyar da suka yi amai da la'asar suka warware kafin safiya, galibi naman za su zarga ko ruwan sha. A Birtaniya, inda aka fi bin lamarin, rahoto 50 kacal aka tattara na gubar da ake zargin ta jan wake ce tsakanin 1976 da 1989.